Zan yi tafinta a cinikin riɗi, yaya zan shirya takardar kalmomi da rubutu?

Sabon Tafinta: Assalamu alaikum. Mai gidan yayana yana sana'ar riɗi a Dawanau, kuma ranar Alhamis wasu masu saye daga Indiya za su zauna da shi da mutanensa a kan farashi. Mu huɗu ne, su uku. Alhaji yana jin Turanci sama-sama amma ba ya son yin ciniki da shi, sai aka ce ni zan yi tafinta. Turancina ba laifi, sai dai ban taɓa fassara a zaman da ake maganar kuɗi ba. Me zan sa a takardar kalmomin da zan riƙe, kuma yaya zan riƙa rubutu don kada lambobi su kuɓuce mini? Kwana huɗu ya rage.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ka nemi ƙamus mai kyau ka tsamo kalmomin kasuwanci kamar ɗari biyu, ka jera su daga A zuwa Z, Turanci a hagu Hausa a dama, ka haddace kafin ranar. Wajen rubutu kuma ka yi ƙoƙarin kama duk abin da mutum ya faɗa, ka taƙaita kalmomi ta hanyar zubar da wasula. Kuma tun da fari ka roƙe su su riƙa tsayawa bayan jimla uku ko huɗu, kada wani ya yi maka huɗuba ta minti biyar sannan ya ce fassara.

Baba Tafinta: Malam, maganarka ta ƙarshe na sa mata hannu. Ta farko da ta biyu kuwa, da izininka, ba su dace da wannan zaman ba. Kalma ɗari biyu a jere, kafin ya gano wadda yake nema an wuce wurin, kuma rabinsu ba za su fito a bakin kowa ba.

Ɗana, kada ka fara da ƙamus. Je wurin yayanka yau ka ce ya ba ka takardun cinikin da Alhaji ya taɓa yi da mutanen waje: takardar farashin da aka aika musu, yarjejeniyar da aka sa wa hannu, sakamakon gwajin kaya irin wanda su SGS suke bayarwa, da saƙonnin da aka yi ta musanya da waɗannan baƙin kafin su taso. Kalmomin da za su fito ranar Alhamis suna cikin waɗannan takardu, kusan dukansu. Ka ja layi a ƙarƙashin duk wadda ta maimaitu. Gobe da safe kuma ka tafi sito ka zauna kusa da sikeli ka yi shiru ka saurara, domin abin da kake buƙata a ɓangaren Hausa shi ne yadda Alhaji da yaransa suke kiran abin da bakinsu. Idan ka ƙirƙiro wata Hausar boko mai kyau wadda ba a amfani da ita a kasuwa, Alhaji zai dube ka ya ce me kake nufi, kuma an yi asarar lokaci.

Takardar kanta fuska ɗaya ce, kada ta wuce abu talatin. Gida uku: yadda baƙin za su faɗa, yadda Alhaji yake faɗa, da alamar da za ka rubuta a littafinka. Kada ka jera ta bisa haruffa, ka jera ta bisa yadda ciniki yake tafiya. Za a fara da kaya, wato tsafta, danshi, yawan mai, FFA wato yawan asid ɗin da ke cikin man, launi, na bana ne ko na bara. Sai awo da yawa: tan, buhu, kwantena, nauyi da buhu ko ban da buhu, da ƙari ko ragin da aka yarda a samu a kan adadi. Sai inda za a miƙa kaya. Sai yadda za a biya. Idan suna maganar biya, idonka yana kan kusurwar biya, ba ka laluben komai.

Wurin miƙa kaya shi ne inda sabon tafinta ya fi zamewa, saboda haruffa uku ne kawai kuma ana faɗarsu da sauri. Ƙa'idojin nan da ake kira Incoterms guda goma sha ɗaya ne a bugun 2020, amma uku ko huɗu za ka ji. EXW, mai saye ya zo sito ya kwashi kayansa. FOB Legas, Alhaji ne zai ɗauki nauyin mota daga Kano, da takardun fitar da kaya, har kwantena ta hau jirgi. CFR, ya ƙara da kuɗin jirgi zuwa tasharsu, ko Mundra ko Nhava Sheva. CIF, ya ƙara da inshora a kai. A gidan Hausa na takardarka ka rubuta wa kowanne gajeriyar jimla irin wannan, domin ba su da kalma ɗaya a Hausa, kuma kada ka nemi ƙago musu. Karo na farko da harafin ya fito sai ka faɗe shi tare da jimlarsa, daga nan haruffan kaɗai sun isa, Alhaji ya san su ko da bai san abin da kowane harafi yake wakilta ba.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai shi ne, farashi kujera ce mai ƙafa huɗu: lamba, irin kuɗin, awon da ake magana a kai, da wurin miƙa kaya. Dala 1,420, kowane tan, FOB Legas. In ƙafa ɗaya ta ɓace a bakin mai magana, kada ka cike ta da tunaninka, ka tambaya. Anjima zan dawo kan rubutun, bari in je masallaci.

Mai Sito: Baba ya faɗi gaskiya a kan zuwa sito. Bari in ƙara maka abin da za ka ji can don kada ya ba ka mamaki. Mu ba ma faɗar lamba cikakkiya. In kaya yana miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, za ka ji an ce "ɗaya da ɗari shida", in an saba ma a ce "ɗari shida" kawai, kowa ya san akwai miliyan a gaba. Haka Alhaji zai yi da dala, zai ce "ɗari huɗu da hamsin" yana nufin 1,450. Kai kuma in ka juya ta yadda ta fito, baƙo zai ji 450. Ba zai yarda ba, zai yi dariya, amma daga nan ya daina amincewa da bakinka.

Sannan tsofaffinmu har yanzu suna lissafi da ragi. "Ɗari ba biyar" 95 ke nan, "ashirin ba ɗaya" 19. In hannunka ya yi gaggawa za ka rubuta 100 ko 20 kafin ka ji ƙarshen. Ka jira ya rufe baki. Akwai kuma "dubu ɗari biyar da hamsin", wadda a kasuwa kusan kullum 550,000 ake nufi, amma mai lissafin makaranta zai iya rubuta 500,050.

A ɓangarensu, ka sa ido kan abu uku. Suna ƙirga da lak, wato dubu ɗari, da kuror, wato miliyan goma, kuma a rubuce suna sa waƙafi daban, dubu ɗari su rubuta 1,00,000. A kasuwanninsu na gida kuma suna yawan yin farashi da kwintal, kilo ɗari. In ɗayansu ya ambaci kasuwarsu ta Unjha ya ce "a Unjha yau kaza ne", da wuya tan yake nufi, kuma ba dala ba ce, rupi ce. Duk ka sa su a kan takardarka.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna a kanka tun kafin a shiga: tan ɗaya kilo dubu, buhu ashirin in mai kilo hamsin ne. Kwantena mai ƙafa ashirin mukan zuba mata tan 18 zuwa 19, to 19 buhu 380 ke nan. Amma buhun da muke saye da shi daga ƙauye ba mai kilo hamsin ba ne, don haka in Alhaji ya ce buhu, ka tabbatar wanne yake nufi.

Dillalin Kwanar Dawanau: Yaro, ni shawarata ka fara tsayar da la'adarka kafin a zauna, a kan kowane tan, kuma daga ɓangare biyun. Kada ka bari su ji ainihin farashin Alhaji da wuri. In ya ce ɗari biyar kai ka ce ɗari biyar da ashirin, a yi ta ja, in an sauko ka ga kowa ya ji daɗi. Mutanen nan in ka nuna musu laushi za su matse ku ne.

Sabon Tafinta: Yallaɓai na gode, amma ba dillanci aka kira ni ba, baki kawai zan ara musu. Kuma Alhaji yana jin lambobi da Turanci, in na ƙara ashirin zai ji. Baba, ina jiran maganar rubutun.

Baba Tafinta: Ka amsa masa daidai. Ranar da tafinta ya taɓa lamba, aikinsa ya ƙare a wannan ɗakin.

To, rubutu. Ka sayi ƙaramin littafi mai waya a sama, wanda ake jefa shafi baya da hannu ɗaya, da biro biyu. Fuska ɗaya kawai za ka riƙa rubutu a kai. Ka sa wa shafukan lamba tun a gida, kuma a saman kowanne ka rubuta ƙafafun nan uku da ba sa yawan canzawa, misali dala, tan, FOB Legas. Kafin a fara ja-in-ja ka nemi minti biyu ka tambayi ɓangarorin biyu: da wane kuɗi za mu yi magana yau, a kan wane awo, kuma kaya a ina? In sun amsa, ka sami sauƙi, domin daga nan lamba kaɗai za ka riƙa rubutawa, sai in wani ya sauya ƙafa ka rubuta sabuwar da manyan baƙi.

Ba magana kake rubutawa ba. Labari, yabo, kukan tsadar mota, waɗannan kanka zai riƙe su in dai kana sauraro, kalma ɗaya ta isa ta tuna maka. Wanda ya sunkuya yana kwafar komai ya daina ji. Abin da kai ba ya riƙewa shi ne lamba, suna, rana, da ƙananan kalmomin da suke ɗaure magana: idan, amma, sai dai, saboda, ba. Su za ka rubuta. Wannan tsari ba nawa ba ne, tafintocin taron ƙasa da ƙasa ne suka gina shi, wani Jean-François Rozan ya tattara ƙa'idojinsa bakwai a 1956. Daga ciki uku suka fi yi maka aiki: ka rubuta daga sama zuwa ƙasa, abu ɗaya a layi ɗaya, ka ware gefen hagu don kalmomin ɗauri, abin da aka kore kuma ka ja masa layi ta tsakiya. Alamomi kada su wuce goma, kuma ka tsayar da su yau, kada ka ƙirƙiri sabuwa ana cikin zama, ba za ka tuna ma'anarta ba bayan minti ɗaya.

Bari mu gwada da lambobin misali, ba farashin kasuwa ba ne. Babban baƙon ya yi magana mai tsawo, ya yabi riɗin Najeriya, ya ce kasuwa ta yi sanyi a wurinsu, sannan ya ce za su iya kaiwa 1,420 idan tsafta ta kai kashi 99, danshi bai wuce 6 ba, kwantena biyar kowace tan 19, kashi 30 kafin alƙalami, saura idan sun ga kwafin takardar jirgi. Shafinka zai kasance kamar haka:

B: yabo, kasuwa ↓
1,420
idan: tsf 99
idan: dsh ≤ 6
5 kwt × 19
30% yanzu
70% kwafin B/L

Sai ka ja layi a ƙasa, alamar ya gama. Lura "idan" sau biyu na rubuta ta. Farashin nan a rataye yake a jikin sharuɗɗan biyu, in ka faɗi 1,420 ka numfasa kafin ka kawo su, Alhaji ya riga ya ji farashi tsirara, kuma da shi zai yi lissafi.

Alhaji ya ce: "Albarka. Ɗari huɗu da ashirin ba ta fitar da ni, motar Legas kaɗai ta cinye. Ya kawo ɗari biyar. Kuma 99 ɗin nan sai an sake bi ta inji, akwai zuba. In 98 ne sai mu duba." Kai kuma ka rubuta A, ka sa 1,420 ka ja mata layi, gefe ka sa mota. Ƙasa 1,500. Ƙasa 99, kibiya, inji, kibiya, asara. Ƙasa "idan 98" da alamar tambaya. Wurin faɗa, albarkar nan ƙin tayi ce, haka za ka isar da ita, cikin ladabi amma a fili, kada baƙo ya ɗauka addu'a aka yi masa. "Sai mu duba" kuma ƙofa ce aka buɗe kaɗan, ba alkawari ba ne, kada ka ƙara mata ƙarfi kada ka rage.

Kowace lamba a littafinka tana cikin hali ɗaya daga uku. Tayi ce, tana nan haka. An ƙi ta, an ja mata layi. An amince, ka zagaye ta. Kada ka zagaye komai sai ka ji kalmar amincewa daga bakin mai ikon yanke magana a kowane ɓangare. A wurin Alhaji "na sallama" ce ko "Allah ya sa albarka" da miƙa hannu. "To" ba ita ba ce, sau da yawa na ji ka kawai take nufi. Haka kaɗa kan da baƙin za su riƙa yi, yawanci alamar suna biye da kai ne.

Shafi na ƙarshe na littafin ka ware shi, ka raba shi gida biyu, Alhaji da baƙi, duk sabon tayi ka sauke shi can da lambar shafin da ya fito. Bayan awa biyu wani zai ce ai ɗazu kun ce kaza, wannan shafin ne zai raba gardama.

Sai lambobin da suke kama da juna a kunne. A Turanci 15 da 50, 14 da 40, 13 da 30 ƙarshensu kawai ya bambanta, kuma da lafazin da ba ka saba da shi ba sai su zama ɗaya. A misalinmu tan 95 ne gaba ɗaya. Tsakanin 1,415 da 1,450 dala 35 ce a kowane tan, a kan tan 95 ta zama dala 3,325. Maganinsa, duk lambar da ta shafi farashi ka maimaita wa mai ita ɗaya bayan ɗaya, ɗaya, huɗu, biyar, sifiri, kafin ka juya ta. Ko ka rubuta ta da girma a farar takarda ka ajiye tsakiyar tebur kowa ya gani. Babu ɗan kasuwar kirki da zai ji haushin wannan.

Akawu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙari kaɗan a kan takardar: ya rubuta a gaban CIF cewa kaya yana wuyan Alhaji har ya isa tasharsu, tunda shi ya biya jirgi da inshora. Sannan tunda a kan dala za a yi magana, ya riƙe kalkuleta ya riƙa juya wa Alhaji kowane tayi zuwa naira nan take, zai fi saurin ganewa. Ya kuma sa NXP, fom ɗin fitar da kaya da ake cikawa ta banki, da kuɗin NESS na duba kayan da za a fitar, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar FOB, da takardar lafiyar tsirrai ta hukumar NAQS, domin Alhaji zai kawo su a matsayin dalilin da ya sa ba zai sauko ba, kuma baƙin ba lallai su san haruffan ba.

Baba Tafinta: Na ƙarshen nan ka taimaka, ya sa su, da gajeren bayanin Turanci a gaban kowanne. Amma maganar CIF a gyara. Kuɗin jirgi da inshora Alhaji ne zai biya, gaskiya, sai dai haɗarin kaya yana komawa kan mai saye tun daga lokacin da aka ɗora shi a jirgi a Legas, daidai da FOB. In ya fassara wa Alhaji yadda ka faɗa, zai tsorata da nauyin da ba nasa ba, ya ƙi tayin da wataƙila ya yi masa.

Juya dala zuwa naira kuma ba aikin tafinta ba ne. Da wane canji zai yi, na banki ko na Wapa? Duk wanda ya ɗauka ya shiga cikin ciniki. Kai Akawu ko takwaranka na ofishin Alhaji ya zauna da kalkuleta, shi tafinta ya faɗi dala a dala. Ko jimillar nan, 95 sau 1,420 ta ba da 134,900, kashi 30 ɗinta 40,470, zai iya yi a gefe don ya gane in wani ya yi tuntuɓen baki, amma ba zai furta ba sai wani ya faɗa.

'Yar Maraɗi: Ina wuni Baba, sannunku. Ni tsakanin Faransanci da Hausa nake yi, kuma abin da ya fi ba ni aiki ba baƙon harshe ba ne, Hausar ce. Akwai zaman da na yi wa wasu 'yan kasuwarmu da baƙi daga Kano da wani mai saye da ya zo daga Kwatano. A wurinmu dala sefa biyar ce, in mutum ya ce ɗari yana nufin sefa 500, jika kuma sefa dubu. Mutanen Kano suna jin dala sai hankalinsu ya tafi kuɗin Amurka, jaka kuma a wurinsu naira 200 ce a tsohon lissafi. Mutum biyu suna Hausa ɗaya, kowa da lissafinsa, ni ce a tsakiya zan faɗa da Faransanci. Tun daga nan duk takardar da zan shirya, layin farko shi ne sunan kuɗi da wanda yake faɗarsa.

Ƙanena, na san naka zaman babu sefa, amma in cikin mutanen Alhaji akwai wanda yake sayo kaya ta Maigatari ko ta wajenmu, ka saurare shi da kyau in ya fara kawo farashin da ya sayo. Wani abu kuma da ban ji an faɗa ba: ka gwada hannunka kafin ranar. Ka sa yayanka ya zama Alhaji, wani ya karanto tayi daga tsofaffin saƙonnin, kai kana rubutu kana juyawa. In ka koma kan shafin bayan minti goma ka kasa karanta shi, alamominka sun yi yawa ko ka matse rubutu, ka rage. Takarda ba ta da tsada, ka bar fili tsakanin layuka.

Tambayata ga Baba: in Alhaji ya juya yana shawara da ƙaninsa da Hausa a gaban baƙi, me ya kamata ya yi? Ni ina ajiye biro in kau da kai.

Baba Tafinta: 'Yata, ni koyarwar da na samu ita ce duk abin da aka faɗa a tebur da murya a fassara shi, shi ya sa nake gaya wa ɓangarorin biyu tun farko, wanda yake son sirri ya tashi ya fita ko ya nemi a dakata. In ba haka ba baƙo zai ga ana magana kai ka yi shiru, ya fara zargin kana zaɓar abin da kake isar masa.

Mai Sito: Baba a nan kam ban bi ka ba. Alhaji ne ya kawo yaron. Su baƙin in sun juya harshensu na gida suna shawara wa zai fassara mana? Babu. To don me namu zai zama a buɗe nasu a rufe? In ya fassara abin da Alhaji ya raɗa wa ƙaninsa, wallahi ko la'asar ba zai kai a ɗakin ba.

'Yar Maraɗi: Abin da nake yi, in baƙo ya dube ni, sai in ce suna shawara a tsakaninsu, in tsaya nan. Ban ɓoye cewa ana magana ba, ban kuma kwashe ta na ba shi ba. Kuma ba na rubuta ko harafi ɗaya daga cikinta, saboda littafin yana kan tebur, lamba kuwa kowa yana iya karanta ta ko da a juye.

Baba Tafinta: Wannan na ƙarshen hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Ni dai ina nan kan cewa a faɗi ƙa'idar a gaban kowa kafin a fara, ko wacce aka zaɓa.

Sabon Tafinta: Allah ya saka da alheri, Baba, Yaya, da kowa. Na karɓo takardu uku daga wurin yayana, na tsamo abu 26, gobe zan je sito in cike gidan Hausa. Na lura a tsohuwar yarjejeniyar an rubuta LC, wato takardar lamunin biya daga banki, amma a saƙonnin waɗannan baƙin kashi 30 da kwafin B/L suke ta ambata, to na sa duka biyun a kusurwar biya. Maganar shawarar gefe zan tambayi Alhaji da kansa daren Laraba yadda yake so. Abu ɗaya ya rage mini: in ina juya maganar Alhaji, in ce "na ƙi" kamar ni ne shi, ko in ce "Alhaji ya ce ya ƙi"?

Baba Tafinta: Da Turanci ka yi kamar kai ne shi, ya fi sauri kuma baƙin sun saba da haka. Amma ku bakwai ne har da kai, to duk lokacin da mai magana ya canza ka nuna shi da hannu ko ka ambace shi, a littafi ma kowa da harafinsa, domin tayin da ƙanin Alhaji ya jefo ba daidai yake da na Alhaji ba. Da Hausa kuwa, yaro kamarka ya dubi Alhaji ya ce "ban yarda da farashinka ba" yana da nauyi a kunne, ko da kowa ya san ba kai ba ne. Ka fara da "ya ce", sannan ka ci gaba da maganar yadda ta fito. In kai ne da kanka kake neman a maimaita lamba, ka ce tafinta ne yake tambaya, da harsunan biyu. Kafin a tashi kuma ka karanto duk abin da ka zagaye, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Turanci, akawun kowane ɓangare yana rubutawa, sannan ka miƙa wa Alhaji littafin ko ka yaga shafukan a gabansa.